Goge kirarin nan, ka faɗi aiki ɗaya da ka yi

"Yaya, ina son fitowa waje neman aiki. A About na LinkedIn na rubuta: Passionate | Hardworking | Team player | Results-driven. Wata huɗu ke nan shiru, babu wanda ya neme ni. Ina matsalar take?"

Ƙanena, kai ne na uku da ya turo mini kalmomin nan a watan nan, kamar malami ɗaya ya ba ku. Kirari ne kawai, kuma rago ma ya iya yi wa kansa kirari. Mai ɗaukar ma'aikata ya gan su har ya gaji. Ni ma haka nawa yake lokacin da na iso ƙasar waje, kusan shekara ina aika takardu ko amsa babu, sai da wata abokiyar aiki ta karanta ta tambaye ni, "To, me ka taɓa yi?" Na ji zafin tambayar, amma gaskiyarta.

Gurbin About, inda mutum yake bayyana kansa a shafinsa na LinkedIn, yana ɗaukar haruffa 2,600, sai dai layukan farko kaɗai ake gani kafin a danna see more. Kada ka ɓata su da gaisuwa.

Ka taɓa ba ni labarin aikinka na sito, yadda ƙidayar kaya ta ƙarshen wata take cin kwana 3, ka mayar da lissafin cikin Excel ta dawo yini ɗaya. Abin da ya kamata a fara gani ke nan, kai kuwa ko ambatonsa ba ka yi ba! Ga yadda zan tsara, sai ka juya shi zuwa harshen ƙasar da kake nema:

"Ni mai kula da sito ne, shekara 4 ina wannan aiki. Na tarar ana rubuta shiga da fitar kaya a littafi, ƙidayar wata tana cin kwana 3. Na tsara lissafin a Excel, na koya wa mutum biyu amfani da shi, ƙidayar ta koma yini ɗaya. Yanzu ina neman aikin kula da kaya a babban kamfani."

Ka lura "na tsara" na rubuta. In ka ɓuya a bayan "mun yi", mai karatu ba zai san ko kai ka yi aikin ko kallo ka yi ba.

Amma kada ka kuskura ka ƙara gishiri a alƙaluma. Na taɓa rubuta cewa na rage asara da rabi, alhali kintace ne. A wurin intabiyu aka ce in bayyana yadda na auna, daga nawa zuwa nawa. Na yi ta kame-kame, mutumin ya rufe fayil a gabana. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. In ba ka tabbatar kwana 3 ba ne, kira tsohon ogan naka ka tambaya kafin ka rubuta.

Ka gyara ka turo mini ranar Asabar. Sauran ranakun aikin dare nake.