Zan koma Abuja daga Bauchi: yaushe zan canza gari a shafina na LinkedIn?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akanta ce a wani asibiti mai zaman kansa a Bauchi, shekarata shida a wurin. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Abuja, za mu tare nan da wata biyu, kuma a Mararaba muka sami gida. Ina son aiki a ƙungiyoyin agaji, amma duk masu tuntuɓata a LinkedIn ayyukan Bauchi da Gombe suke kawo min. Me zan gyara? Kuma ban gaya wa wurin aikina ba tukuna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a tare lafiya, ya sa alheri ne ya kira.

Mai ɗaukar ma'aikata ba ya zama ya karanta shafukan mutane ɗaya bayan ɗaya. Rariya yake sawa. Zai rubuta sunan aikin, ya zaɓi gari, wani lokaci ya ƙara da fanni, sannan ya duba waɗanda suka rage. Rariyar gari ita ce ta farko, domin ba ya son ya kira mutum intabiyu ranar Talata a ce masa sai an taso daga wata jiha. Idan ya zaɓi Abuja alhali shafinki na cewa Bauchi, ba wai ya gan ki ya ƙi ki ba ne, sunanki ma bai fito masa ba. Shekaru shidan nan naki da takardunki duk suna nan, amma ba wanda ya kai gare su.

Wurare biyu ne ake faɗin gari, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne garin da ke ƙarƙashin sunanki, wanda kowa ke gani. Ana gyara shi ta alamar fensir da ke saman shafi, a gurbin Country/Region da na City. Na biyu yana cikin maɓallin Open to, sai Finding a new job. A nan za ki sa sunayen ayyukan da kike nema da garuruwan da za ki iya aiki, sannan a tambaye ki wa zai gani: Recruiters only ko All LinkedIn members.

Tunda wurin aikinki bai sani ba, yau ki fara da na biyun. Ki sa Abuja, ki zaɓi On-site da Hybrid, ki bar shi a Recruiters only, don ɗaya zaɓin yana sa koren zobe a hotonki, har mai gadin asibitinku zai iya gani. Kamfanin LinkedIn yana ƙoƙarin ɓoye wannan alama daga masu ɗaukar ma'aikata na wurin da kike aiki, amma shi da kansa ya ce bai ba da cikakken tabbaci ba, don haka kada ki ɗauka an rufe ƙofar ruf.

Sai dai wannan mataki yana da iyaka, kuma a nan ne mutane da yawa ke zaman jiran da ba ya ƙarewa. Masu amfani da manhajar da ake biya, LinkedIn Recruiter, su ne ke iya neman waɗanda ke shirin komawa wani gari. Jami'ar kula da ma'aikata a ƙaramar ƙungiya a Garki ko Wuse sau da yawa da bincike na kyauta take aiki, shi kuwa garin da ke ƙarƙashin suna kawai yake dubawa. Wato muddin wancan na cewa Bauchi, ke da ita ba za ku haɗu ba.

To yaushe za a canza shi? Ma'aunina ɗaya ne: ranar da za a iya kiranki a ce ki zo jibi da safe, ki amsa ba tare da inda-inda ba. Tafiyar Bauchi zuwa Abuja ta Jos da Akwanga da Keffi tana cin mafi yawan yini. Idan kina da masauki kuma za ki iya samun izini, kin cika sharaɗin. Ke kam kina da gida da ranar tarewa, saboda haka ba ƙarya kika yi ba idan kin canza saura wata ɗaya ko mako shida, wanda kusan daidai yake da lokacin da za ki ba da sanarwar ajiye aiki. Ina ba ki shawara ki gaya wa shugabanki tukuna, washegari ki canza. Shekara shida ta zaman mutunci ta fi ƙarfin ya ji labarin a bakin wani, kuma shi za a kira a tambayi halinki. Wanda kuwa bai da rana bai da masauki, fata kawai yake, kada ya taɓa wannan gurbi. Ya tsaya a matakin Open to.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Mararaba a Jihar Nasarawa take. Idan kika zaɓi Karu ko Nasarawa don nan za ki kwana, kin sake faɗawa bayan rariyar, domin mai nema Abuja zai rubuta. Haka abin yake ga masu zama a Suleja da Madalla, da ke Jihar Neja. Garin da za ki yi aiki za ki sa. Ki fara rubuta sunan, ki jira jerin ya sauko, ki danna Abuja, Federal Capital Territory, Nigeria. Aikinki na yanzu da ke ƙarƙashin Experience ki bar shi da Bauchi, don gaskiyarsa ke nan. Amma tunda mai karatu zai ga garuruwa biyu, ki sa layi ɗaya a farkon About da ke faɗin watan da za ki kasance a Abuja kuma a shirye kike ki zo intabiyu kafin nan. Takardar neman aikinki ma ta faɗi haka, kada su saɓa.

Gurbin Industry yana cikin fensir ɗin nan, kuma ɗaya tak ake zaɓa. Ba sana'arki yake tambaya ba, irin ma'aikatar yake nufi. Mai yiwuwa naki na kan Hospitals and Health Care, shi ya sa asibitoci ke binki. Accounting ya fi dacewa da mai son kamfanonin binciken kuɗi. Ke da kike harin ƙungiyoyin agaji, Non-profit Organizations ne naki, in dai akwai abin da zai tsaya masa a cikin shafin, kamar rahoton kuɗin tallafi da kika taɓa haɗawa ko wani shirin lafiya da asibitinku ya yi da masu ba da agaji. Idan babu ko ɗaya, ki zauna a fannin lafiya. Ƙungiyoyin da ke aikin lafiya a Abuja suna son akantar da ta san lissafin asibiti. Sana'ar kuma a Headline ake faɗinta, da sunayen da suke bugawa a tallarsu, irin su Finance Officer, tare da ICAN ko ANAN idan kina da shi.

Bayan mako biyu ki shiga Analytics ki buɗe Search appearances. Zai nuna miki sau nawa kika fito a bincike da wasu daga cikin wuraren da masu binciken ke aiki. Idan ma'aikatun Abuja sun fara bayyana, gyaran ya kama. Idan har yanzu asibitoci ne kaɗai, ki koma kan fanni da sunan aikin. Idan kuma saƙonnin ayyukan Bauchi na ci gaba da shigo miki, ki duba Job alerts, domin su garinsu daban ake sawa, ba sa bin na shafi. Ki goge tsofaffin, ki buɗe sabo da Abuja.