Mai gida ya kawo min takardar gargadi

"Na ba wa wani hayar daki daya a gidan da nake haya ba tare da sanin mai gida ba, yanzu ya aiko min takardar gargadi, korata zai yi ne?"

Dan'uwa kwantar da hankalinka, gargadi daban notis na tashi daban, wannan dama ce ya ba ka ka gyara. Amma kar ka yi shiru, don in abin ya kai kotu takardar nan zai nuna a ce an ja maka kunne ka ki ji. Duba yarjejeniyarku ka ga ko ta hana saka dan haya, sannan ka amsa masa a rubuce kafin wa'adin ya cika, ko ka nemi izininsa ko ka fadi ranar da mutumin zai tashi, ka ajiye kwafi. Kudin haya kuma kar ka daina biya.