Daga aji zuwa horar da ma'aikata: me za a sa a gaba?

"Maigida, na rubuta wa malamar sakandaren nan da ke son komawa horar da ma'aikatan kamfani About ɗinta, wato gurbin gabatar da kai a LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki. Na fara da shekara 11 da ta yi tana koyar da lissafi da yadda take son ɗalibanta, ka ce in sake. Ina laifinsa?"

Ai shugaban makaranta ka rubuta wa. Wanda zai karanta wannan jami'in kula da ma'aikata ne a wani banki ko kamfani a Kaduna ko Abuja, kuma tambaya ɗaya ce a ransa: matar nan ta taɓa tsayawa gaban manya masu albashi, waɗanda ba a razana su da jarrabawa, ta koya musu wani abu har aikinsu ya sauya?

Amsar tana wurinta, kai ne ba ka tono ba. Jiya da ta zo shago daga Tudun Wada, kana can wajen na'urar buga takardu, na tambaye ta ko ta taɓa koyar da 'yan uwanta malamai. Sai ta yi dariya, wai wannan ai ba aiki ba ne, taimako ne. Ashe ita ta zaunar da malamai 34 Asabar huɗu a jere, ta koya musu haɗa sakamakon ɗalibai da Excel, har da dattawan da suka rantse ba za su rabu da biro ba. Aikin da kan ci mako uku ya koma kwana biyar.

Da wannan za ka buɗe, domin layukan farko kaɗan ne ke fitowa kafin a latsa "see more". Ka rubuta da bakinta: ina koya wa ma'aikata aiki da Excel, ga mutum nawa na horar, ga abin da ya canza. Shekara 11 ta biyo baya, ka nuna a can ta ƙware wajen tsara darasi da auna ko an gane. Daga ƙarshe layi ɗaya kan irin aikin da take nema. Gurbin yana ɗaukar haruffa 2,600, rabinsa ma ya ishe ka.

Na kuma ga ka soma goge kalmar malama, kana neman liƙa mata muƙamin da ba ta taɓa riƙewa ba. Kul! Ranar ganawa za a ce wane kamfani ta yi wa aiki, ta rasa ta cewa, mu kuma a ce shagonmu ne ya yi ƙaryar. Bar ta a malamarta.

Kwana biyar ɗin nan ma kada ka sa tukuna. Kira ta yanzu, ka ji ko mataimakin shugaban makarantarsu zai tabbatar da shi in an tambaye shi.