Rubutun ƙarƙashin hoton Sallah

Tambaya: "Mun ɗauki hoton iyali ran Sallah a Zariya. Me zan rubuta kada ya zama irin na kowa?"

Malama, fara da abin da ke cikin hoton, gaisuwa ta biyo baya. "Barka da Sallah" kaɗai kowa ya turo ta, shi ya sa ido ke tsallake ta. Ki ɗauki abu ɗaya da 'yan gidanku za su gane, misali: "Hajiya a tsakiya, jikoki sun yi anko, mun dawo daga kallon hawa a ƙofar fada. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana." Layi biyu sun isa. In ya zarce, waya takan yanke ƙarshensa, addu'ar ta ɓuya. "Barka da shan ruwa" kuwa ta ƙaramar Sallah ce, kada ta shiga hoton layya.