Aikin dare da gudu: ina zan sa barci, ina zan sa atisaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ne a wani asibiti a nan cikin Katsina, shekarata 31. Ina yin dare biyar a jere, daga ƙarfe 9 na dare zuwa 7 na safe, sannan a ba ni hutun kwana huɗu. Da na tashi aiki nake yin gudun kilomita 8 zuwa 10 saboda sanyin safiya, ina shirin tseren kilomita 21. Ba na kwanciya sai wajen 11, kiran Azahar ya tashe ni, daga nan barci ya ƙare. Yanzu ƙafafuna sun yi nauyi, ƙwaurina na dama yana ciwo, gudun ma ya ja baya. In ƙara atisaye ne, ko in nemi maganin barci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun ka ajiye su. Abin da za a taɓa shi ne lokacin gudun: a kwanakin da kake aikin dare, a ɗauke shi daga safiya a mayar da shi yamma, kafin ka tafi aiki. Bari in nuna maka dalili, don na san rabuwa da sanyin safiyar Katsina ba abu ne mai sauƙi ba.

Jikin mutum yana da agogonsa, kuma hasken rana ne ke saita shi. Da dare ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari da ake kira melatonin, zafin jiki ya riƙa sauka har ya kai ƙasa sosai wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba. Gari na wayewa sai abin ya juya, melatonin ya janye, zafin jiki ya fara hawa, jiki ya shiga shirin zirga-zirga. Dare biyar ba su isa su juya wannan agogon ba, musamman ga wanda ke komawa rayuwar rana duk hutu. Ke nan idan ka tashi aiki ƙarfe 7, gajiya tana jan ka zuwa shimfiɗa, agogo kuma ya fara jan ka zuwa farkawa, kuma ƙarfin agogon ƙaruwa yake yi yayin da rana ke ɗagawa. Awannin da barcin rana ya fi kamawa su ne na farko, daga 8 zuwa wajen 1. Su ne kake ba wa gudu. Ka sha hasken hantsi a ido na kusan awa guda, jikinka ya ɗau zafi, sannan ka je ka kwanta a lokacin da rufin kwano ya fara gasa ɗaki. Abin da ya rage maka bai kai awa uku ba, alhali baligi yana buƙatar bakwai zuwa tara.

Ga kuma ɓangaren ƙafa. Gudu ba ya ƙara wa mutum ƙarfi a lokacin da yake yin sa. Ɗan lahani yake yi wa tsoka da ƙashi, ya cinye abincin da tsoka ta adana, sai jiki ya gyara daga baya ya ɗora ƙari. Mafi yawan gyaran nan a cikin barci ake yin sa, musamman barci mai nauyi. Ka san yadda magini ke yi da ginin ƙasa: in ya ɗora sahu sai ya bari ya sha iska kafin ya ɗora wani, in ya yi gaggawa katanga ta tsage. Kai kana ɗorawa kullum a kan ɗanye. Sannan ka lissafa: wanda ya farka ƙarfe 2 na rana ya fita gudu 7:30 na safe ya haura awa 17 idonsa biyu. Takunsa ba daidai yake ba, hankalinsa ga babura da ramukan titi ma haka.

To ga yadda zan tsara maka ranar aiki. Ka tashi 7, ka wuce gida kai tsaye, ban da tsayawa teburin mai shayi. Baƙin tabarau yana rage hasken da ke shiga ido, amma in kai ke tuƙa babur kuma gyangyaɗi na ɗibar ka, bar tabarau, ka hau Keke ko ka fara rintsawa na minti 20 a wurin aiki. A gida ka watsa ruwa, ka sha koko ko kunu da ɗan burodi, abin da zai hana yunwa ta tashe ka ba tare da ya cika maka ciki ba. Ƙarfe 8:15 kana kwance. Ka tashi wajen 1:45 ka yi Azahar, ka ci abinci: awa biyar da rabi ke nan. Ƙarfe 2:45 ka koma ka yi ƙailula har 4:15. Na zaɓi awa ɗaya da rabi ne domin kusan tsawon zagaye guda ne na barci, mutum ya fi tashi garau a ƙarshensa fiye da a tsakiyarsa. Jimla awa bakwai. Barcin da aka raba biyu barci ne, kada wani ya ce maka sai an yi shi a haɗe. Ka yi La'asar, ka ba magagi minti 20 zuwa 30 ya sake ka, ka sha ruwa, ƙarfe 5 ka fita. Yamma ce ma lokacin da jiki ya fi ƙarfi da laushin gaɓoɓi. Bayan Magariba ka ci babban abincinka na yini, tuwo ko shinkafa da wake, da ƙwai ko nama ko kifi, sannan Isha'i, sannan aiki.

Bazara ce za ta ba ka wahala. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Katsina yana taɓa digiri 40, kuma ƙarfe 5 ƙasa ba ta huce ba. A watannin nan ka matsa gudun zuwa dab da Magariba, ko tsakanin Magariba da Isha'i a wuri mai haske da ka sani, ka rage shi zuwa minti 30, ka rage sauri. Ranar Juma'a kuwa, da yake sai ka tashi da wuri don masallaci, ka bar gudun gaba ɗaya, ka ƙara wa ƙailula tsawo.

Nan ne inda na fi son ka saurare ni. A cikin dare biyar ɗin, gudu biyu sun isa, uku in jiki ya yarda, kowanne minti 30 zuwa 40, sassarfar da za ka iya hira a cikinta ba tare da haki ya yanke maka magana ba. Babu gwajin sauri, babu dogon zango. Atisaye mai nauyi na kwanakin hutu ne. Safiyar da ka gama dare na biyar, ka kwanta awa huɗu kawai, ka tashi wajen 12:30, ka fita ka sha haske, ka daure har bayan Isha'i sannan ka kwanta. Ranar babu gudu. Kwana na biyu, bayan cikakken barcin dare, ka yi sassarfa da safe. Kwana na uku, bayan dare biyu na barci, shi ne na dogon gudu, bayan sallar Asuba, a sanyin da kake so. Kwana na huɗu hutu ko tattaki. Safiyar ranar da za ka koma aiki ka yi atisayen sauri, a filin wasa na Muhammadu Dikko in kana samun shiga, ko wani fili shimfiɗaɗɗe, sannan ka yi ƙailula mai tsawo da rana. A kowane zagaye na kwana tara ke nan kana da gudu biyar ko shida, biyu daga ciki masu nauyi, kuma masu nauyin nan biyu a kan barcin dare suka hau. Wannan ya wadatar wa mai shirin kilomita 21. Ka daina lissafi da mako, tsarin mako na masu aikin rana ne.

Barcin safen nan ba zai samu ba sai an gyara ɗaki. Duhu nake nufi wanda in ka ɗaga tafin hannunka da kyar za ka gan shi: baƙin ƙyalle mai kauri a taga, tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ko ka ɗaure ido. Fanka mai caji tana aiki biyu, tana sanyaya ka ko an ɗauke wuta, ƙararta kuma tana danne hayaniyar tsakar gida. In akwai ɗaki mai silin ko wanda ke inuwa da hantsi, koma can. Waya a kashe mata ƙara. Mafi wuya shi ne mutane. A wurinmu wanda ke kwance ƙarfe 11 na safe ana ganin zaune yake, a aiko yaro, a yi sallama a ƙofa. Ka zauna da iyali ka faɗa musu a fili cewa daga 8 zuwa Azahar darenka ne, ka wakilta wanda zai amsa sallama.

Neskafe, shayi, goro da lemukan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafiyin, wanda bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Kofin da ka sha ƙarfe 5 na asuba don ka kai ga miƙa aiki yana tare da kai a kan katifa. Ka sha a farkon dare, ka rufe daga ƙarfe 2. In akwai damar rintsawa na minti 20 wajen ƙarfe 3, ta fi kofi amfani. Ruwa kuma ka sha sosai a farkon dare ka rage dab da asuba, don fitsari kada ya yanke maka barci.

Maganin barci kuwa, kai ma'aikacin lafiya ne, ka san diyazefam da danginsa: suna sabo, suna barin magagi, kuma barcin da suke kawowa ba ya maye gurbin na asali. Kusancinka da kabad ɗin magani shi ne haɗarin. In ka bi tsarin nan na zagaye biyu ko uku barcin bai zauna ba, ka ga likita a matsayin marar lafiya, a duba har da yawan jini, don ƙarancinsa yana kawo irin wannan nauyin ƙafa.

Don ka gane ko jiki yana murmurewa, ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka na minti guda da zarar ka farka, kafin ka sauko daga gado, ka rubuta. Ka gwada na ranakun aiki da na ranakun aiki, na hutu da na hutu, domin lokacin farkawa ya bambanta. In ya haura abin da ka saba da bugu 7 zuwa 10 kwana biyu a jere, ko barcinka a yinin bai kai awa biyar ba, ranar tattaki za ka yi. In akwai zazzaɓi, babu fita sam.

Ƙwaurin nan shi za ka fara dubawa yau. Ka bi gefen ƙashin na ciki da yatsa kana dannawa daga sama zuwa ƙasa. In ciwon ya bazu a dogon wuri, kuma yana lafawa in jiki ya ɗumama, yawancin lokaci nauyin atisaye ne ya yi yawa: ka rage nisan da rabi na mako biyu, ka bar kwalta ka koma ƙasa mai laushi, ka duba ko takalmin ya cinye. In kuwa wuri guda ne da kan yatsa ke rufewa, yana ƙaruwa yayin da kake gudu, ko ba ka iya tsalle da ƙafar ita kaɗai, ko yana damun ka kana zagayen marasa lafiya da dare, ana zargin tsagewar ƙashi ce ta gajiya. Ka dakatar da gudu ka ga likitan ƙashi. Ka tuna hoton farko yakan fito lafiya a makonni biyu zuwa uku na farko ko da tsagewar tana nan, don haka kada ka koma gudu saboda hoto ya yi kyau alhali wurin yana ciwo.