Amsar da ake ba mai ɗaukar aiki kan preyabi da ranar kama aiki

Tambaya: "Salamu alaikum Yaya. Na yi antiretiye da wata ƙungiya a Yamai, yau mai ɗaukar ma'aikatansu ta aiko mini saƙo, wai preyabina wata nawa ne, kuma yaushe ne mafi kusa da zan iya kama aiki. Ni magazinye ne nan Maraɗi, CDI gare ni, albashi jika 180. In ce mata ko gobe a shirye nike? Ina tsoron su ɗauki wani."

Muryar amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. To ka ga, kada ka ce mata gobe. Kada ka ce. Mai CDI, wato kontara marar ranar ƙarewa, da ke riƙe da makullan magaza ba ya da gobe, kuma ita ma ta san haka. Abin da take son ji biyu ne: kwana nawa ke ɗaure da kai inda kake, kuma in sunka ba ka aikin wace rana za su sa ma kujera. Amsarka lissafi ce, kuma lissafin na cikin takardar da ka sa ma hannu ranar da anka ɗauke ka.

Saboda haka kafin ka taɓa waya, ɗauko kontaranka. Nemi wurin da anka yi maganar yanke aiki, nan za ka ga preyabi, wato tsawon lokacin da za ka ci gaba da aiki bayan ka sanar da su za ka tafi. In ba a rubuta adadi ba, galibi za ka ga an maida ka ga dokar aiki ta 2012 da yarjejeniyar da ke tsakanin ma'aikata da masu ɗaukar aiki. Abin da anka saba da shi a nan: wanda ake biya da awa ko da yini, kwana 8, mai albashin wata, wata 1, kadir, wato injiniyoyi da manyan ma'aikata, wata 3. Ka duba takardar albashinka ka ga rukunin da sunka sa ka, don rukuni shi ke yanke magana, ba sunan da ake kiranka da shi a biro ba. Akwai wanda ake ce ma "shef" amma a takarda mai wata 1 ne, akwai kuma wanda ke ganin kansa ƙaramin ma'aikaci, sai ya duba ya tarar wata 3 ke kansa. Kai da ke magazinye mai albashin wata, mu ɗauka wata 1 ne, amma idonka ya gani tukuna.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami. Preyabi ba ya fara tafiya ranar antiretiye, ba ya fara tafiya ranar da ka yanke shawara cikin zuciyarka, ba ya fara tafiya ranar da ka gaya ma patoro a baki kuna tsaye bakin mota. Yana farawa ranar da takardar demisiyonka ta isa hannunsu. Shi ya sa ake yin ta kofi biyu, ka kai sakatariya, a buga tambari a naka, a rubuta kwanan wata, a sa hannu. Wannan desharji shi ne shaidarka. Kuma ba za ka kai takardar nan ba sai sabon wurin ya ba ka tayi a rubuce, da albashi, da irin kontara, da wurin aiki, da sa hannun mai iko. To tunda ba ka san ranar da takardarsu za ta zo ba, kada ka ba ta kwanan wata. Ba ta tsawon lokaci, ka ɗaura shi ga ranar da tayin zai shigo.

Mu yi lissafin tare. A ce takardarsu ta iso ma Alhamis 6 ga Maris. Ka karanta da dare, Jumu'a 7 ga wata ka kai demisiyo da safe, an buga ma tambari. Wata 1 zai kai ka wajen Litinin 7 ga Afrilu. Ka roƙi mai kula da ma'aikata ya rubuta ma ranar aikinka ta ƙarshe, don gardama kan kwana guda tana faruwa. To 7 ga Afrilu ka fita. Za ka kama aiki 8 ga wata a Yamai? Tafiyar kaɗai kilomita ɗari shida da wani abu ce, yini guda cur cikin kar. Ga neman ɗaki, ga kaya, in da iyali ga nasu sha'ani. Ranar da ta dace ita ce Litinin 14 ga Afrilu. Daga 6 ga Maris zuwa nan kwana 39 ke nan, sati 5 da rabi. Sai ka ce sati 6, ka bar ma kanka ɗan fili.

Ga yadda za ka rubuta mata, ka juya shi da Faransanci: "Hajiya, na gode da saƙonki. Kontarana CDI ne, preyabina wata 1 ne, yana farawa ranar da na miƙa takardar ajiye aiki. Zan miƙa ta washegarin ranar da na karɓi tayinku a rubuce. Da lokacin ƙaura zuwa Yamai, zan iya kama aiki cikin sati 6 daga ranar da tayin ya iso mini. In kuna da buƙatar in zo kafin nan, zan nemi a rage mini, amma ba zan yi alkawari ba sai sun amince a rubuce." Shi ke nan. Kada ka ƙara labarin matsalarka da wurin da kake, ba ta tambaye ka ba.

In ta matsa, ta ce su cikin sati 2 suke son mutum, hanyoyi biyu ne. Ta farko, ka nemi ubangidanka ya yafe ma wani ɓangare na preyabin. Ana yi, musamman in ka zo da tsarin miƙa aiki a hannu: ga ranar ƙidayar kaya, ga wanda zai karɓi makulli, ga fish-fish na shige da ficen kaya duk an daidaita su da abin da ke cikin magaza. Amma yafewar ta zama takarda. "Ba komai, je ka" na baki ba ya tsayawa gaban sufeton aiki. Kuma ka sani, in kai ka roƙi ragin, kada ka sa ran albashin kwanakin da ba ka yi ba.

Ta biyu, ka tafi ba da yardarsu ba, ka biya. Ƙa'idar ita ce wanda ya karya preyabi shi ke biyan ɗayan kuɗɗin kwanakin da sunka rage. Kai mai jika 180, in ka yi kwana 10 ka fita, saura kwana 20, kashi biyu cikin uku ke nan, jika 120. Kuma ba tsurar albashi kaɗai ake dubawa ba, har da alawus ɗin da kake samu in da ka tsaya. Sai ka tambayi kanka, sabon wurin zai ɗauki nauyin wanga kuɗɗi? In sun ce za su ɗauka, su rubuta cikin tayin. Ni dai ban ba magazinye shawarar wannan hanya. Mai riƙe da kaya in ya fita ba pasasiyo, wato ba miƙa aiki, duk buhun da ya ɓace bayansa, duk katan da lissafinsa bai cika ba, sunansa za a kira. Watanni bayan ka tafi ana ce ma ka zo ka yi bayanin kayan da ba ka ma gani ba, kuma ba ka da takardar ƙidaya mai sa hannun mutum biyu da za ta wanke ka.

Sai maganar konje, don na san wani cikin gurup ɗin nan zai ce "ai yana da hutu, ya cire daga ciki". Hutu a dokarmu kwana 2 da rabi ne kowane wata, kwana 30 a shekara. In ka tara wanda ba ka ci ba, haƙƙinka ne, za a biya ka shi cikin lissafin sallama. Amma ba kai kaɗai za ka tashi ka ce na mai da hutuna preyabi ba. Sai da yardar ubangida. Don haka kada ka sa kwanakin konje cikin lissafin da za ka ba Hajiyar nan kamar sun riga sun shiga aljihunka.

Abin da ke ci mini rai, wallahi, shi ne masu ajiye aiki kan maganar waya. An kira mutum an ce "an riƙe ka, barka", sai ya ruga ya kai demisiyo a ranar, har da rabon goro. Ƙungiyoyin nan da yawa da kuɗɗin poroje suke ɗaukar mutane. Mai ba da kuɗɗin bai sa hannu ba tukuna, ko an ɗage farawa wata 2, ko an soke gurbin gaba ɗaya, kuma wadda ta kira ka ba laifinta ba ne, ita ma jira take. Kai kuwa preyabinka na tafiya, ranar fita na matsowa, kuma demisiyo in ta shiga ba ka janye ta sai in sun ga dama. Ga kuɗɗin haya, ga makarantar yara, ga azumi ko Sallah in sun kusa. Mutum ya saki reshe ya kama ganye. Kuma wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya da kuɗɗin sallamar da ake ba wanda anka kora, wannan ma mutane na mantawa da shi. To me ya kai ka? Ka jira takarda. Ko sati 3 ta ɗauka, ka ci gaba da aikinka, bakinka alaikum.

Af, bari in koma baya kaɗan, don akwai masu saurare da ba CDI gare su ba. Duk abin da na faɗa na wata 1 ɗin nan na mai CDI ne. Mai CDD nashi daban: kontaransa yana da ranar ƙarewa, kuma a ƙa'ida ba ya fita kafin ranar sai da yardar ɓangarorin biyu, ko babban laifi, ko abin da ya fi ƙarfin kowa. Shi amsar da zai ba mai ɗaukar aiki ita ce ranar da kontaran ke ƙarewa, sa'annan ya ce zai nemi a sake shi da wuri in ya samu. Wanda ke cikin lokacin gwaji kuma yana iya fita ba preyabi. Ma'aikacin gwamnati nashi wata doka ce, ban shiga ciki ba yau.

Tsoron da kake na su ɗauki wani, na gane. Amma wadda aikinta ke nan ta san wata 1 shi ne abin da anka saba, tana ma jin wata 3 daga bakin kadir. Wanda ya ce mata "gobe" alhali yana kan aiki, abin da take ji shi ne haka zai yi masu su ma wata rana. Kuma za su nemi sartifikan aikinka daga tsohon wurin, wataƙila su kira su ma. Kafin ka fita ka tabbata ka karɓi sartifikan, da lissafin sallama, ka riƙe lambarka ta CNSS, wato asusun fansho na ma'aikata, don sabon wurin ya ci gaba da zuba ma a kanta. In akwai abansi na albashi a kanka, ka san adadinsa tun yanzu, don daga kuɗɗin ƙarshe za su cire.

Ka ɗauki hoton shafin preyabin nan kaɗai, ka rufe sunanka da na wurin, ka turo mini ta gefe kafin ka amsa mata.