Neman shaidar kwastoma ba tare da takura ba

"Na ɗinka wa wata Hajiya kayan biki, ta yaba sosai. Yaya zan nemi shaidarta ba tare da na takura mata ba?"

Ki nema a lokacin da take yabon, kada ki bari a kwana biyu. Ki ce: "Hajiya, na gode. Kin yarda in sa wannan maganar taki a shafina? In kin fi so, ba sai na sa sunanki ba."

A shagona na lura rubutun ne ke yi wa mutane nauyi, shi ya sa nake ɗauko abin da suka riga suka faɗa a WhatsApp, izini kawai nake nema. In ta yi shiru, ki tuna mata sau ɗaya bayan mako, daga nan ki bar maganar. Hotonta kuwa izininsa daban, musamman matar aure.